Gargaɗi ga 'yan ɗaga ƙarfe na Katsina: ku yi lissafi kafin ku sayi kiriyatin

Jama'a salamu alaikum. Akwai wani mai tallan kiriyatin, garin nan da ake sha don ƙara ƙarfin tsoka, a sitatus ɗin Wasaf, yana kawo kaya wajen Ƙofar Ƙaura, ba zan kama suna ba amma ni dai ya ci kuɗina, kuma ba na so ya ci na wani.

Roba biyu ya nuna mini. Ɗaya ƙarama, giram 300, kiriyatin zalla, naira 36,000. Ɗayar ƙatuwa mai hoton wani ƙato a jiki, giram 600, wai haɗi na musamman, naira 30,000, cokali 60. Ya ce malam ga arha ga yawa, cokali ɗaya ɗari biyar kacal. Ni kuma ido ya ga girma, na tura kuɗi.

Sai da wani yayana mai aikin kemis ya juya bayan robar sannan na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Abin da ake ba da shawarar a sha giram 3 zuwa 5 ne na kiriyatin a rana, to shi za ka lissafa, ba cokali ba. Cokalin haɗin giram 10 ne, amma giram 6 sikari ne, shi ya sa yake da zaƙi kamar lemon kwalba. Sauran giram 4 aka rubuta musu Proprietary Blend, ma'ana sun jera sunayen sinadarai amma sun ɓoye nauyin kowane. Yayan nawa ya ce ɗan'uwa duba jerin, ana farawa ne da wanda ya fi nauyi, kuma kiriyatin ɗinka shi ne na biyu, kenan ko an yi masa alfarma ba zai wuce giram 2 ba, wataƙila ma ko ɗaya bai kai ba.

To mu ce 2 ɗin ne. Kafin in samu giram 5 sai na sha cokali biyu da rabi, naira 1,250 kenan kullum, ga sikari giram 15 da ban nema ba, robar kuma ta ƙare a kwana 24. Ita waccan ƙaramar da na raina, 300 a raba da 5, kwana 60, naira 600 a rana. Wallahi ninki biyu har da ɗoriya na biya, ina ta murna na yi ciniki.

Don haka kafin ka tura ko sisi ka ce mai tallan ya ɗauko maka hoton bayan robar. Ka nemi Creatine Monohydrate da adadin giram a gabansa, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, da ko murfin a liƙe yake. Na zalla fari ne, ba zaƙi, in ka dama da ruwan sanyi ma yakan kwanta a ƙasan kofi kamar rairayi.

Da na koma wa mai tallan da lissafin nan ce mini ya yi wai haɗin ya fi saurin shiga jiki. Na ce to giram nawa ne a ciki? Har yau bai ba ni amsa ba, ya ma toshe lambata.