Ɗan aiken da ya kawo mini atamfa Rijiyar Zaki

Makon jiya na sayi turmi 3 na atamfa a Kantin Kwari ta waya, mai shagon ya haɗa ni da wani kamfanin 'yan aike masu babur, kuɗin kawowa naira 2,000. Gidanmu a Rijiyar Zaki yake, can cikin lungu, ba lamba, layin ma ba shi da suna.

Kafin yaron ya taso sai da ya kira ya tambaye ni unguwa da babbar alamar da ke bakin titi. Da na fara zuba masa kwatance, sai ya ce, "Hajiya, dakata. In na wuce Kabuga na hau titin Gwarzo zan kira, sai ki ba ni sauran." Wannan ya burge ni, domin wanda ke kan babur ba zai riƙe kwanar layi har biyar a kansa ba.

Kuskuren farko nawa ne. Na ce ya shiga layin da ke da mai shayi, alhali ƙarfe 2 na rana ne, mai shayin ya tashi tun hantsi, ko bencinsa babu. Na kuma ce ya yi dama, na manta cewa ni daga gida nake lissafi, shi kuwa daga gari yake tahowa, damata ita ce hagunsa. Ya shiga wani layin daban, ya yi kusan minti 10 yana zagaye. Na tura masa alamar wuri ta WhatsApp, ita kuma ta kai shi bayan katangarmu, lungun da ba ya ɓullewa.

Shi ya warware matsalar. Ya tsaya ya ce in daina faɗar dama da hagu, in gaya masa abin da ba ya tashi. Na ce akwai masallaci mai koren fenti da taransifoma a gefensa. Da ya isa, ya tambaye ni ko ƙofarmu gabas take kallo, don ya ga inda alƙiblar masallacin take. Na ce yamma, gida na huɗu, baƙin ƙyaure. Na kuma faɗa masa sunan da yaran layi suka san gidan da shi, wato sunan 'yar autata, don sunan maigida ba mai gane shi. Yaro na farko da ya tambaya ya rako shi har ƙofa.

Ƙorafina ɗaya ne: kiran farko kawai ya yi da katinsa, sauran huɗun filashin ya riƙa yi ina kira. Ya kamata kamfanin ya sa musu kati. Kayan dai sun iso a ɗaure, bai nemi ƙari ba, na kuma ajiye lambarsa.