Kafson doksi ya yi mini aiki, amma sai da ya ƙona mini maƙoshi: sharhina bayan wata biyu

Jama'a na daɗe ina son in yi rubutu kan wannan kafson da ake ce ma doksi, cikakken sunanshi doksisaikilin, mai miligiram 100, saboda na sha shi sau biyu kuma na ga fuskarshi guda biyu. Tun farko bari in faɗi matsayata: maganin yana aiki, in likita ya sake rubuta mini zan sha, amma ba zan taɓa ba wani shawarar ya karɓe shi daga hannun mai kemis ya juya ya tafi ba tare da ya san yadda ake haɗiye shi ba.

Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina. Wasu ƙuraje ne suka addabe ni a gemu da ƙeya, duk aski sai sun tashi su yi ruwa, na shafa wannan na shafa wancan ba sauƙi, sai na je asibiti likita ya duba ya rubuta mini doksi, ƙwaya ɗaya kullum na sati shida. Na je wani kemis na saya, yaron shagon ya zana mini sanda ɗaya a bayan kwalin ya ce "ɗaya a rana yallaɓai", shi ke nan bayanin. Lokacin kuma aikin sallah ya taso, ba na tashi daga kan keke sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, a shagon ma nake kwana. To sai na maida shan maganin ya zama abu na ƙarshe kafin in kwanta don kada in manta.

Kwana uku na farko lafiya lau. Dare na huɗu na gama haɗa wata babbar riga wajen ɗaya da rabi, na duba ledar fiya wata ta kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage a kusurwar leda bai fi kurɓa ɗaya ba. Na jefa kafson na tsotse wannan ɗan ruwan, na ji kamar bai wuce gaba ɗaya ba, kamar wani abu ya tsaya mini nan daidai tsakiyar ƙirji, sai na haɗiyi miyau sau biyu na ce ai zai sauka da kanshi, na shimfiɗa tabarma na miƙe. Kafin kiran assalatu zafi ya tashe ni. Wani irin raɗaɗi ne a bayan ƙashin ƙirji kamar an ajiye garwashi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, in na haɗiyi ko da miyau ne sai in ji zafin ya soke ni har gadon baya. Da safe yarona ya kawo shayi da burodi, kurɓa ɗaya na yi na ajiye kofin, hawaye na zubo mini. Kwana biyu ina cewa olsa ce, kuma ina ci gaba da shan kafson yadda na saba, wato ina ƙara ma ciwon wuta ban sani ba.

Rana ta uku da na ga ko kunu sai na runtse ido kafin ya wuce na koma wajen likitan. Ya auna ni, ya yi mini tambayoyi kan zuciya da numfashi, sannan ya ce, "Malam, ƙarfe nawa kake shan maganin nan, kuma da ruwa nawa?" Ina ba shi labarin daren nan ya ajiye biro ya ce ai ga abin. Ya ɗauki takarda ya zana mini yadda abin yake, kuma wallahi da an yi mini wannan zanen tun ranar farko da ban sha wannan wahalar ba.

Abin da na fahimta shi ne, daga maƙogwaro zuwa tumbi akwai hanya mai tsawon kusan santimita 25, kusan tsawon rula ta 'yan makaranta, kuma ba a buɗe take kamar fayif ba, nama ce da ke matsewa tana tura abu ƙasa, har da wuraren da ta ɗan tsuke, musamman tsakiyar ƙirji. Ɓawon kafso in ya ɗan jiƙe yana yin danƙo. Kowa na iya gwadawa, ka jiƙa yatsa ka taɓa kafso ka ga yadda zai manne maka. In ruwan ya yi kaɗan sai ya liƙe a bangon hanyar, ɓawon ya narke a nan, garin ciki ya zube a wuri ɗaya. Shi kuma garin doksi in ya narke yana da tsami mai ƙarfi sosai. Tumbi an halicce shi da kariyar da zai jure irin wannan, hanyar abinci ba ta da ita, sai wurin ya ƙone ya yi gyambo. Kwanciya kuma ita ke ƙarasa ɓarnar, don a zaune ko a tsaye nauyin ruwa yana jan maganin ƙasa, a kwance babu wannan, ga shi in mutum ya yi barci miyau yana raguwa kuma haɗiya tana raguwa, babu abin da zai zo ya wanke wurin har gari ya waye. Ni kuwa duka ukun na haɗa: ruwa kaɗan, kwanciya nan take, da barci.

Ya ce in dakatar da doksin tukuna, ya rubuta mini omefirazol mai miligiram 20 in riƙa sha kafin karin kumallo don ruwan tsamin ciki kada ya riƙa tasowa yana taɓa gyambon, da wani farin maganin ruwa mai kauri. Abinci kuma mai laushi wanda ya huce: koko ba zafi, kunun gyaɗa, ayaba, tuwo mai taushi da miyar kuka ba yaji. Shayi mai zafi, yaji, lemun tsami, lemun kwalba, duk na ajiye. Kwana huɗu na fara jin sauƙi, wajen kwana goma na ci shinkafa ba tare da na tuna da ƙirjina ba. Amma ya ja mini kunne sosai, ya ce in na ga aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko miyau ma ya ƙi wucewa, ko zazzaɓi ya shigo, to kada in jira ranar da ya ba ni, in taho ko tsakar dare ne. Kuma ina roƙon duk mai karanta wannan, ciwon ƙirji ba abin da mutum zai yanke ma kanshi hukunci ba ne, in ya zo da zufa ko sarƙewar numfashi ko yana tafiya hannu, zuciya ake fara tunani, asibiti kawai.

Bayan sati biyu ya maida ni kan doksin, wannan karon da ƙa'ida. Ga yadda nake yi kuma har na gama ban sake jin komai ba. Na maida shi rana, tare da abincin rana, ba dare ba. Ina zama a miƙe kan kujera, ba kishingiɗe ba. In fara kurɓar ruwa sau biyu don maƙoshi ya jiƙe, sannan in sa kafson in bi shi da ruwa har in cika kofi guda, wato mililita 200 zuwa 250. Wanda bai da kofi a kusa lissafin mai sauƙi ne, ledar fiya wata mililita 500 ce, rabinta shi ne mafi ƙaranci, ni dai gaba ɗaya nake shanyewa. Daga nan ba kwanciya ba kishingiɗa sai an yi aƙalla minti 30, in koma kan keke in ci gaba da ɗinki, ƙailula sai daga baya. In kuma ka ji kamar ya tsaya, kada ka tsaya haɗiyar miyau kamar yadda na yi, ƙara ruwa, ka ci lomar ayaba ko wani abu mai laushi ya tura shi. Na tambaye shi ko in riƙa buɗe kafson in zuba garin cikin ruwa, ya ce sam kada in yi, garin ne ma mai ƙunar.

Wani abu da ya shafe mu nan Katsina da ba mu rabuwa da fura da nono: kada a ce za a kora doksi da ita don ta fi ruwa kauri. Nono da madara, da maganin ƙarin jini, da farin maganin olsa na ruwa, suna kama doksi a ciki su rage abin da jiki zai tsotsa, don haka ana ba da tazarar awa biyu zuwa uku. Ruwa zalla shi ne abokinshi. Sannan yana sa fata saurin ƙonewa a rana, ni na lura da haka a wuyana in na hau mashin da azahar. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 8 kuwa ba a ba su shi haka nan.

Ta ɓangaren aiki kam ba ni da ƙorafi, zuwa sati na uku ƙurajen sun fara bushewa, zuwa na shida wanzamina da kanshi ya ce ƙeyar ta yi sumul. Ƙorafina yana kan yadda ake sayar da shi. An ciro falle ɗaya daga kwali an miƙo mini ba takardar bayani, kuma maganar da za ta kare ni ba ta fi daƙiƙa goma ba: sha da ruwa cikin kofi, kada ka kwanta. Yanzu na canza kemis, na koma inda akwai mai ilimin haɗa magunguna da ke tsayawa ya yi maka bayani ko da layi ya yi tsawo.

Ba doksi kaɗai ke wannan ba, likitan ya lissafa mini tetirasaikilin, asfirin, ibufurofen da dangoginshi na ciwon jiki, ƙwayar fotasiyam, ƙwayoyin ƙarin jini, da alendironet na ƙarfin ƙashi, wanda shi ƙa'idarshi ma ta fi tsanani, da sassafe ake shan shi ba a ci komai ba, da ruwa zalla cikin kofi, kuma a zauna a miƙe minti 30 kafin a ci wani abu. Ina jin ya ambaci na ƙarin jini gabana ya faɗi, don Hajiyarmu tana shan su, kuma na san yadda take yi, bayan isha'i tana kwance kan gado za ta ɗan ɗago kai ta kurɓi ruwa a murfin kofi ta koma. Haka kuma da azumi mutane da yawa ke yi, a haɗiye magani a gurguje dab da kiran sallah, a sallame a faɗa gado.

Daren ranar na je gida na same ta ta riga ta kwanta, ƙwayar na hannunta. Na ce, "Hajiya, don Allah ku tashi zaune ku sha, ga ruwa na cika maku kofi." Ta ce ita yawan ruwa da dare yana tada ta fitsari. Sai muka yi magana da likitanta aka maida mata shi da rana, ƙanwata ce ke kai mata da kofin silba cike, ta zauna kusa da ita kan tabarma suna hira har rabin awar ta cika.