Na haɗa risibar bulutut da tsohuwar amfilifayar Baba, ƙarar "ziiii" ta kusa sa in mayar da ita

Amfilifayar nan Pioneer ce, ta girme ni, tun muna yara take falon Baba da manyan sifikokinta biyu na katako. Kaset ɗin ya daɗe da mutuwa amma ita lafiyarta ƙalau. Baba kuwa yanzu duk karatu da tafsirin da yake ji a waya suke, kullum sai ka ganshi ya kara wayar a kunne saboda jinsa ya ragu, abin yana damuna sosai. Shi ya sa na siyo ƴar risibar bulutut ɗin nan baƙa mai kamar akwatin ashana, wadda take karɓar sauti daga waya ta miƙa wa amfilifaya, mai ramin ja da fari a baya da ramin caji na 5V. A kwalin akwai kebul da kan caja.

Farko na soka ja da farin a PHONO don shi ne ramin da na fara gani, ina kunnawa sauti ya fito a dagule, bes kamar zai yaga sifika, murya duk ta shaƙe. Da sauri na kashe. Ramin PHONO na garmaho ne, sautin allura ɗan mitsitsi ne shi ya sa ramin yake ninka shi sosai ya kuma ƙara masa bes, to in ka ba shi sautin risiba wanda dama da ƙarfinsa dole ya fashe. Na mayar AUX ya daidaita. Wanda tashi ba ta da AUX ya sa a TUNER ko CD ko TAPE, duk ɗaya ne, PHONO ɗin kawai za a kauce wa. A duba ɗan makunnin gefen risibar ma yana kan RX wato karɓa, in yana TX wato aikawa waya ba za ta taɓa ganinta ba.

To matsalar da ta sa na zauna rubutun nan ita ce ƙara. Waya ta haɗu, karatu ya fara, amma a ƙarƙashin muryar akwai wata siririyar ƙara ziiii kamar sauro a kunne, wani lokaci har da tsit-tsit-tsit. In waƙa ce mai kiɗa ba lallai ka lura ba, amma karatu akwai tsayawa, duk inda malam ya ja numfashi sai ƙarar ta cika falon. Baba bai yi minti biyar ba ya ce "kai kashe min abin nan, gara wayata". Wallahi raina ya ɓaci, don na ci burin ranar.

Washegari na koma wajen wanda ya sayar min, ko saurarata bai gama ba ya ce ai amfilifayar ce ta tsufa, in kai a canza mata kafasito. Na ce masa Malam shekara da shekaru muna jin rediyo da ita shiru take, ya ce shi dai kayansa sabo ne a kwali. Haka na dawo da abata.

Daren nan na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na zare ja da fari daga bayan amfilifaya na murɗa murya har rabi, shiru, sai ɗan huci da sai ka kai kunne jikin sifika za ka ji. Kenan amfilifaya ba ta da laifi. Na mayar da kebul ɗin amma na cire cajar risibar daga soket, nan ma shiru, kenan kebul ma lafiya. Ina mayar da caja ziiii ta dawo tun ma kafin waya ta haɗu. Sai na ɗauko fawa bank na ba ta wuta da shi, jama'a tsit kake ji, muryar malam ta fito tas har numfashinsa kana ji, sifikokin nan suka yi abin da na san su da shi tun ina yaro. Ashe kan cajar da suka saka a kwalin ne, mara nauyi kamar ba komai a ciki, wutar da yake bayarwa ba tatacciya ba ce, dattin yana bi ta risiba ya shiga kebul ɗin sauti, ita kuma amfilifaya aikinta ta ƙara duk abin da aka ba ta, mai kyau da mara kyau.

Fawa bank ɗin bai zama mafita ba, saboda risibar wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai, sai ya ɗauka ba a jona komai ba ya kashe kansa bayan ɗan lokaci, karatu ya yanke. Abin da ya yi aiki shi ne kan caja na asali da ya zo da tsohuwar wayata, na sa shi ƙarar ta tafi kusan gaba ɗaya. Ragowar kuma ni na jawo ta da yadda na saita murya, na bar ta waya a ƙasa ina ɗaga ta amfilifaya, wato ina ƙara dattin tare da sautin. Da na kai muryar waya kusan ƙarshe na sauke ta amfilifaya sai ta ɓace. Na kuma raba kebul ɗin ja da fari da wayoyin wuta da suka cukurkuɗe a bayan kabad. Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ce in duk wannan bai yi ba akwai ɗan abin da ake sawa tsakanin risiba da amfilifaya mai tare irin wannan ƙarar, ana ce masa ground loop isolator, amma masu arahar suna rage bes, ni dai ban kai ga buƙatarsa ba.

A daren nan da an tambaye ni cewa zan yi kowa ya siya. Baba ya zauna a kujerarsa ya ajiye waya a gefe, ya ji tafsiri guda har ƙarshe bai kara komai a kunne ba, da aka gama ya ce "Allah ya yi maka albarka". Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Amma sati biyu da aka yi yanzu wasu abubuwan sun fara ci min rai. Risibar ba ta da batir, duk sanda NEPA suka ɗauke ta mutu, in an dawo da wuta ba ta tashi da kanta sai an danna maɓalli an riƙe, maɓallin kuma ɗan ƙarami ne Baba ba ya ganinsa sosai, ranar da ba na gida haka ya koma kara waya a kunne har na dawo da yamma. Tana tashi kuma sai wata murya ta mace ta yi sanarwa da Turanci da ƙarfin tsiya, ba ruwanta da inda ka bar muryar waya, rannan da asuba ta tashi jikokinsa daga barci. Yanzu dokar ita ce a sauke muryar amfilifaya ƙasa kafin a kunna. Ga ƙarar shigowar saƙo ita ma ta sifika take fitowa a tsakiyar karatu, sai da na sa masa wayar a sailent. Nisan mita 10 da aka rubuta a kwali kuma a fili ne kawai, yana shiga ɗakinsa da wayar a aljihu, bango ɗaya na bulo, take fara yankewa.

Har yanzu kuma abin da ya fi tsaya min shi ne cajar nan. Da na bi maganar mai shagon da tuni an buɗe amfilifayar da ba abin da ya same ta ana ƙona mata ciki da dalma, kan wani kan caja da bai kai kuɗin kati ba. Risibar tana nan a jone don sautinta ya yi min, amma zan nemo wadda take tashi da kanta in wuta ta dawo, kuma wannan karon sai an jona ta a sifika a gabana na ji shirunta kafin in ba da kuɗi.