Gargaɗi ga masu naɗar murya a Katsina: ku kula da mai “ɗaga” sauti zuwa 192

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke zagayawa ƙananan situdiyo a cikin garin Katsina, daga wajajen Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa, da laftof a jaka da hedifon babba a wuya. Yana neman masu waƙar bege, da masu waƙar biki, da ɗaliban da ke naɗar karatun malamansu, ya ce musu sautin da suke da shi ƙarami ne, shi zai ɗaga shi zuwa 192 kHz da 32-bit, wai idan ba haka ba gidajen rediyo da masu rarraba waƙa a intanet ba za su karɓa ba. Kuɗinsa da minti yake lissafawa. Ba zan kama suna ba, don salon damfarar nake so ku gane, gobe wani ma yana iya zuwa da irinta. Na daɗe ina aikin naɗar sauti, kuma abin yana ƙona min rai, domin yaran da yake cuta da ƙyar suke tara kuɗin situdiyo.

Da lambobi biyu yake ruɗa mutane, don haka sai mun san su kafin mu kama shi.

Ta farko ita ce wadda ake rubutawa `Sample Rate` a allo. Makirfo yana mayar da murya ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka, na'ura kuma tana auna tsayin wannan wutar sau dubbai a kowace daƙiƙa tana rubutawa. Idan ka ga 44100 Hz, an yi awo sau 44,100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ƙa'idar da ke nan guda ce: fayil ba ya iya ɗaukar sautin da sirantarsa ta wuce rabin yawan awonsa. Awo 44,100 yana ɗaukar sauti har zuwa 22,050 Hz, awo 48,000 kuma har 24,000. Kunnen ɗan'adam, na yaro mai lafiya ma, iyakarsa wajen 20,000 ne, kuma da shekaru suka fara ja sai ya yi ƙasa. Shi ya sa faifan CD, tun fitowarsa a 1982, aka tsayar da shi a kan 44,100, masu bidiyo kuma suka riƙe 48,000. Idan kana son jin abin da ƙarancin awo ke jawowa, tuna muryar kiran waya na da, mai awo 8,000: kana gane mai magana, amma “s” da “f” suna cakuɗewa, don an yanke saman sautin. To daga 8,000 zuwa 44,100 akwai bambanci da kowa zai ji. Daga 48,000 zuwa 192,000 kuwa, wato 192 kHz ɗin da mutumin nan ke talla, abin da aka ƙara yana can inda kunne ba ya kaiwa.

Ta biyu ita ce `Bit Depth`, wato yawan matakan da ake da su wajen rubuta kowane awo. Bit 16 yana ba da mataki 65,536, bit 24 kuma fiye da miliyan 16. Amfaninsa a aikace shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarar da ta fi kowace ƙarfi da ƙaramin shuuu da tsarin kansa ke haifarwa. Kowane bit yana ƙara kimanin desibel 6, wato dB, ma'aunin ƙarfin sauti, don haka bit 16 yana ba da wajen 96, bit 24 kuma 144 a lissafi. Wannan yana da amfani ƙwarai a lokacin naɗa. Idan kana naɗa da bit 24, kana iya rage ƙarfin makirfo ka bar wa mawaƙi fili, ko da ya ɗaga murya a amshi sautin ba zai fashe ba, daga baya ka ƙara ba tare da shuuu ya taso ba. Amma a lura da kyau: a lokacin naɗa na ce. Lambobin nan biyu suna aiki ne a daidai lokacin da murya ke shiga na'ura. Abin da ba a auna ba a ranar, babu manhajar canza fayil da za ta dawo da shi. Juye mudun gero ɗaya a cikin babban buhu ba ya mayar da shi buhun gero.

Ga abin da na gani da idona. Wani matashi mai bege ya zo wurina da filashi, fuskarsa cike da murna, ya ce, “Yaya, saurari wannan, an ɗaga min ita zuwa ta ƙasashen waje.” Waƙar minti biyar ce. Ainihin abin da ya ba mutumin MP3 ne mai 128 kbps da aka turo masa daga situdiyon da ya yi aikin, girmansa bai kai megabait 5 ba. Abin da aka dawo masa da shi WAV ne, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai 192000 Hz da 32-bit, sitiriyo, megabait 460 da ɗoriya. Mutumin ya nuna masa girman ya ce ai ga shaida, inganci ya ninku.

Na ce ya zauna mu yi lissafi. Girman WAV ba ruwansa da daɗin waƙa, ninki ne kawai:

```
192000 × 32 × 2 ÷ 8 = 1,536,000
```

Wato awo 192,000 sau bit 32 sau gefe biyu na sitiriyo, a raba da 8 tunda bit 8 ne ke yin bait ɗaya, ya ba da bait 1,536,000 a kowace daƙiƙa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, ka ninka sai ka sami megabait 460 ɗin nan. Ko shiru zalla ka naɗa na minti biyar da wannan saitin, girman da za ka samu ke nan. Fayil ɗin ya ninka na asali sau 96, ba tare da an ƙara ko numfashi ɗaya na mawaƙin ba.

Sai muka buɗe shi a Spek, wata ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta da ke zana hoton sauti, lokaci daga hagu zuwa dama, sirantar sauti daga ƙasa zuwa sama. Tunda fayil ɗin na 192,000 ne, hoton ya miƙe har 96 kHz. Launi ya cika ƙasa, inda murya da mandiri suke, ya hau har wajen 16 kHz, sai ya tsaya cak a kan layi miƙaƙƙe daga farkon waƙa har ƙarshenta. Daga nan zuwa sama baƙi ƙirin, fiye da kashi huɗu cikin biyar na hoton babu komai. Wannan layin na 16 kHz tambarin MP3 mai 128 ne, domin a nan yawanci yake yanke sauti don ya rage girma. Muka buɗe tsohon MP3 ɗin a gefe, layin yana nan a wuri ɗaya. Yaron ya yi shiru, can ya ce, “To Yaya, amma wallahi da ya kunna min na ji ta fi daɗi.”

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne wayon mutumin yake. Ya ƙara wa sabon fayil ɗin ƙara. Kunne, idan aka ba shi abu ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗan fi ƙarfi, sai ya zaɓi mai ƙarfin ya ce ya fi tsabta da cika. Muka sa duka biyun a Audacity, ita ma kyauta ce, muka daidaita ƙararsu, na sa ya juya baya ina canzawa. Ya kasa bambancewa, sai a wurin amshi, kuma a nan tsohon ne ya fi. Da muka zuƙo hoton igiyar sautin, sai ga kawunanta a aske, sun yi fale-fale a saman layi. An tura ƙarar har ta buga iyakar 0 dB ta fashe, shi ne wannan ƙarar kamar takarda na yagewa idan 'yan amshi suka ɗauka. Ashe kuɗi ya biya aka lalata masa waƙa. Mai son duba hoton sautin a Audacity ya zaɓi `Spectrogram`, amma ya shiga `Spectrogram Settings` ya ɗaga `Max Frequency`, don ba ta nuna saman gaba ɗaya da kanta.

Kada a fahimce ni baibai. Naɗa da 96,000 ko fiye ba ƙarya ba ne, akwai masu yin haka don za su ja sautin ko su rage masa gudu sosai. Kuma ko naɗin gaskiya ne, ba lallai ka ga launi mai yawa a can sama ba, musamman idan magana ce kawai. Bambancin shi ne sautin gaskiya yana dusashewa a hankali yayin da yake hawa, ba ya yankewa a kan layi kamar da rula. Gyaran tsohon sauti ma sana'a ce ta gaske: ana rage ƙugin janareta da na fanka, ana daidaita murya da kiɗa. Sai dai mai wannan aikin zai gaya maka abin da zai cire da abin da ba zai iya ba, ba zai tsaya yana yi maka kirarin lambobi ba. Batun cewa ba a karɓar ƙasa da 192 kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Masu rarraba waƙa a intanet suna karɓar WAV mai 44,100 da bit 16.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yana ce wa mutane su goge tsohon fayil tunda sun sami “babba”. Wanda ke riƙe da karatun malaminsa da ya rasu, ko muryar mahaifinsa, don Allah kada ya yarda da wannan, kuma kada ya ba kowa memorinsa ya tafi da shi. Kwafi ake bayarwa.

Mai fara naɗa, abin da nake sa wa kaina shi nake gaya maka: 48000 Hz, 24-bit, WAV, kuma mono idan makirfo ɗaya ne. Wannan yana cin megabait 8.6 a minti, karatun awa ɗaya ya kama rabin gigabait da kaɗan. Ka sa mai magana ya yi mafi ƙarfin muryarsa kafin a fara, ka rage ƙarfin makirfo har mitar da ke nuna ƙarfin sauti ta riƙa tsayawa wajen -12 dB. Ka matso da makirfo kusa da baki kamar taƙi ɗaya, a kashe fanka, a rufe taga ta ɓangaren titi. Idan na'urarka bit 16 kaɗai take yi, ya isa, ka dai kula da mitar. Kuma idan ka gama aiki a situdiyo ka karɓi WAV ɗinka a filashi ko ka sa a turo maka shi a matsayin `Document` idan ta WhatsApp ne, MP3 kuma a fitar da shi daga ƙarshe don rabawa.

Idan mutumin nan ya zo muku, ku ce ya yi daƙiƙa 30 na gwaji tukuna, a kan kwafi, ku buɗe nasa da naku a Spek a gabansa, ku daidaita ƙara sannan ku saurara. Wanda kuma ya riga ya biya, ya koma situdiyon da ya yi naɗin tun farko ya tambaya ko ainihin aikin yana nan a kwamfutarsu, ya yi hakan da wuri, don da yawansu suna goge tsofaffin ayyuka idan wuri ya cika.