Ajin ɗinki ta waya: abin da talla ta ce da abin da na tarar

Layi biyu ne suka sa na biya kuɗin ajin nan. Na sama, da manyan baƙaƙe, ya ce "Ki zama tela daga ɗakinki." Na ƙasa kuma ya ce "Da wayarki kaɗai, ko ba ki taɓa riƙe almakashi ba." Yanzu da na kammala, na sama ya cika alkawari, na ƙasan ne nake da magana a kai.

Gaskiya malamar ta iya koyarwa. Darasin awon siket kaɗai ya ci kuɗinsa. Ta nuna yadda za ki zagaya tef a inda ƙugu ya fi faɗi, ba a tsantsa ba. Idan ya ba ki inci 40, sai ki ninka atamfar gida huɗu, ki raba 40 ɗin huɗu, ya zama 10. Ki ƙara rabin inci don siket ɗin ya sake, ki ƙara inci ɗaya na bakin ɗinki, sannan ki ja layi da alli. Ta kuma hana mu taɓa atamfa sai mun yanka a takarda tukuna. Bubu da hijabi ma sun fita tsaf, har maƙwabta sun fara kawo mini.

Amma "wayarki kaɗai" ba haka ba ne. Tun darasi na biyu ana buƙatar keke, ga zare, allura, zif da yadin gwaji, ban da kuɗin data da bidiyo ke lashewa. Ni ina da tsohon keken Hajiyarmu, na ƙafa. Wata a cikinmu ba ta da shi, sai kallo take yi, har ta daina leƙowa. Da an rubuta "Ki tanadi keke, tef da almakashi" a layin nan, da ta san inda ta dosa kafin ta tura kuɗinta.

Matsala ta biyu, bidiyo ba ya ganin kekenki. Zare ya riƙa cukurkuɗe mini a ƙasan yadi, na yi ta kwance kwarkwaro ina mayarwa a banza. Ashe laifin zaren sama ne, bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, domin na zura shi ƙafar da ke danne yadi tana sauke. Wata tela a layinmu ce ta gano, kallo ɗaya ta yi masa. Tambaya kuwa in kin tura wa malamar, sai ki yi haƙuri, dalibai sun yi mata yawa.

Idan kina da keke, kuma akwai wadda za ta duba miki shi in ya rikice, ki shiga. Idan babu, fara tara kuɗin keken.