Gyaran CV don injin tace masu neman aiki: ina za ka kai kuɗinka?

Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar ma'aikata a Yamai, da yawansu ba sa karɓar dosiye a hannu yanzu. Za a ce ka shiga shafinsu ka ɗora CV, shafin kuwa manhaja ce da ake kira ATS, irin su Workday da Taleo da SuccessFactors. Manhajar tana kwashe rubutun takardarka ta zuba shi gida-gida: suna, aikin da ka yi, shekaru, difilom. Daga nan mai ɗaukar aiki ya buga kalmomin da ke cikin sanarwar aikin, waɗanda kalmomin suka fito a takardunsu su hau sama. Wasu manhajojin sun fi wasu gane kalmomi masu ma'ana ɗaya, amma kai ba ka san wadda za ka faɗa hannunta ba.

Hanya uku na gwada. Ta farko ita ce CV mai ado da ake yi a shagunan intanet da Canva, mai hoto da launi da ginshiƙi biyu. Jaka biyar na biya, sannan aka buga mini ita, na sa hannu, aka ɗauki hotonta aka mai da PDF. Wata shida ina aikawa, shiru kamar an shuka dusa. Ashe hoto nake aikawa, babu harafi ɗaya da manhaja za ta kwasa.

Ta biyu shafuka ne irin su Jobscan, masu kwatanta CV da sanarwa su ba ka maki. Makin nasu ne, ba na mai ɗaukar aikin ba, kuma an fi gina su don Turancin Ingilishi. Ban sake komawa ba.

Ta uku, wadda na tsaya a kanta, ba ta cin ko dala: takardar Word mai ginshiƙi ɗaya, babu tebur, babu akwatin rubutu, kanun sassa na kullum kamar Expérience professionnelle da Formation. Lambar waya a cikin jikin takarda, domin wasu manhajoji suna tsallake abin da ke en-tête. Sai gyara da hannu ga kowace sanarwa.

Ga yadda na yi da wani aikin akanta. Sanarwar ta nemi rapprochement bancaire, da SYSCOHADA révisé, da Sage 100. Ni kuma abin da na rubuta shi ne gestion des comptes, alhali shekara huɗu ina daidaita littafin kamfani da takardar banki kowane ƙarshen wata, kuma da SYSCOHADA révisé, tsarin akanta da aka sabunta, nake aiki tun da ya fara a 2018. Aikin yana hannuna, sunansa ne babu a takarda. Na buga sanarwar, na ja layi ƙarƙashin duk abin da aka maimaita ko aka ce dole ne, na sa kalmomin nasu daidai a cikin jimlar da ke faɗin inda na yi aikin da yaushe. Difiloma na jami'ar Tawa na rubuta shi Licence, na ƙara Bac+3 a gefe, don ban san wanne za a nema ba. Abin da ban iya ba na bar shi.

Kafin ka aika, buɗe takardar, danna Ctrl+A da Ctrl+C, ka liƙa a Bloc-notes. Idan babu abin da ya fito, hoto ce. Idan layukan sun cakuɗe, to akwai alamar haka manhajar za ta gan su. Ka kuma kula da tambayoyin fom, na shekarun aiki da yare: a nan ne ake yawan zubar da mutum kai tsaye, tun ba a duba CV ba.

Yanzu maganar ƴan damfara, don sun yi yawa. Akwai masu cewa za su cusa maka sanarwar gaba ɗaya da farin rubutu a ƙasan takarda, ido ba ya gani amma inji ya gani. To, idan manhaja ta kwashe rubutu launi ba ya binsa, mai ɗaukar aiki zai ga komai a fili, asiri ya tonu. Akwai masu sayar da CV da suke rantsuwa za ta wuce kowace ATS, kamar manhajar guda ɗaya ce a duniya. Mafi muni su ne masu yaɗa sanarwar bogi a WhatsApp da tambarin wata babbar ƙungiya, su ce ka tura kuɗin dosiye ta waya. Wani ƙanena jaka goma ya tura, washegari lambar a kashe. Majalisar Ɗinkin Duniya tana rubutawa a sanarwarta cewa ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. In aka turo maka sanarwa, nemi ta a shafin ƙungiyar da kanka, ka duba adireshin imel: idan ƙungiya mai ofis da motoci ta ce a aika dosiye zuwa @gmail.com, tsaya ka bincika tukuna.