Hoto da allura ko babu allura: abin da mai raunin ƙoda zai duba kafin ya biya

Idan likita ya rubuta maka hoton CT, ka je wurin biya, tambayar farko da za a yi maka ita ce: da allura ne ko babu? Kuɗin ba ɗaya ba ne, hoton ma ba ɗaya ba ne. Allurar nan, wadda ma'aikata ke kira kwantaras, ruwa ne mai sinadarin ayodin da ake turawa ta jijiyar hannu don hanyoyin jini da ƙari da kumburi su fito sarai. Ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari, shi ya sa ake maganar ƙoda. Yakan matse ƙananan hanyoyin jinin cikinta na ɗan lokaci, ya kuma taɓa bututun da ke tace fitsari. Lafiyayyar ƙoda ba ta ko jin wannan. Wadda dama ta gaji ce abin tsoro.

To ta yaya za a san ta gaji? Ba a fuska ba, ba kuma a yawan fitsari ba. Gwajin jini ne na kiriyatinin, wanda a takardar asibiti sau da yawa za ka ga an rubuta E/U/Cr. Daga shi ake lissafa lambar da ake kira eGFR, wato ƙarfin tacewar ƙoda. A matsayar da ƙungiyoyin likitocin hoto da na ƙoda na Amurka suka fitar tare a 2020, mai 45 zuwa sama kusan babu abin fargaba a kansa. Daga 30 zuwa 44 likita ne zai auna. Ƙasa da 30, ko wanda ƙodarsa ta sami matsala kwatsam a kwanakin, shi ne ake yi wa shiri na musamman.

Kada ka tsaya a kan kiriyatinin kaɗai. Ɗauki dattijuwa mai shekara 70, tana da suga da hawan jini, sakamakonta 170 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajin Najeriya ke rubutawa. Idan aka lissafa, eGFR ɗinta wajen 28 ne. Matashi ɗan shekara 30 mai wannan 170 ɗin nasa wajen 47 ne. Lamba ɗaya, hukunci biyu. Shekaru da jinsi suna cikin lissafin.

A ce dattijuwar nan ciwon ciki ne ya dame ta. Zaɓi huɗu ne a gabanta.

Sikanin na ciki, wanda ake shafa man nan mai sanyi, shi ne mafi arha, kuma ba ruwansa da ƙoda. Yana ganin tsakuwar matsarmama, kumburin ƙoda, ruwa a ciki. Amma iskar hanji da ƙiba suna rufe masa ido, kuma ingancinsa na hannun mai riƙe na'urar. Hoton CT babu allura shi ma ba ya taɓa ƙoda. Idan tsakuwar ƙoda ake nema, ko zubar jini a kai, ko karaya, shi ne ma daidai, biyan kuɗin allura a nan asara ce.

Amma idan ƙari ake zargi a hanta ko hanji, ko gudan jini a huhu, hoto babu allura kamar neman baƙar akuya ne cikin duhu. Ka biya, ka sha hasken na'ura, a ce ka dawo a sake. A nan ne nake ganin mutane suna cutar kansu, su ƙi allura saboda an tsoratar da su, ciwon da ake nema kuma ya ci gaba da cinsu. Yawancin labaran tsoron sun samo asali ne daga tsohon nau'in ruwan mai ƙarfi da ake amfani da shi a da, da kuma hoton jijiyoyin zuciya inda ake tura shi kai tsaye cikin babbar hanyar jini. Na yanzu sun fi sauƙi. Ka nemi a nuna maka kwalbar. Idan ka ga iohexol ko iopamidol ko iodixanol, cikin na zamani ne. Idan diatrizoate ne za a tura a jijiyar mai raunin ƙoda, ka koma wa likitanka tukuna.

Na huɗu MRI ne, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, mafi tsada, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Sau da yawa yana ba da amsa ko babu allura. Tasa allurar gadoliniyom ce, ba ta cika yi wa ƙoda illa ba, sai dai a 2006 aka gano wasu nau'o'inta na jawo wa masu mummunan ciwon ƙoda wata cuta mai ƙandarar da fata da gaɓoɓi. Sababbin, irin su gadoterate da gadobutrol, haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Nan ma dai kwalbar ce za ta faɗa.

Mu ce likitoci sun tsaya a kan CT da allura. Shirin ba wani abin tsada ba ne, ƙarin ruwa ne, ruwan gishirin nan da aka saba. Wata hanya da aka saba bi ita ce mililita 3 ga kowane kilo na nauyi cikin awa ɗaya kafin hoto, sannan mililita 1 ga kilo a kowace awa har awa 6 bayansa. Ga dattijuwa mai kilo 60, ke nan 180 kafin, 360 bayan. Idan tana da ciwon zuciya ko ƙafafunta sun kumbura sai an rage, don kada ruwa ya taru a huhu. Saboda haka ba aikin gida ba ne, ba kuma na mai kemis ba.

Sai buhun magungunanta, a zazzage shi gaban likita. Diklofenak ɗin da take sha don gwiwa, da ibufurofen, a ajiye su kwana ɗaya zuwa biyu kafin da bayan. Allurar jentamaisin ma tana wahalar da ƙoda. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, a faɗa, ba abin kunya ba ne. Metfomin na masu suga ba ya lalata ƙoda, amma idan ƙodar ta ja baya yakan taru ya tsamar da jini, don haka ake tsayar da shi awa 48 sai an sake gwaji. Gaskiya ma mai lamba 28 bai kamata a ce tana kansa ba tun farko.

Wani abu da ke ba ni haushi: a ce wa mutum kada ka ci komai, shi kuma ya ɗauka har ruwa, ya taso daga ƙauye tun asuba a zafin Afrilu, ya zauna a layi har azahar maƙogwaro a bushe. Ƙodar da ta bushe ita allurar ta fi taɓawa. Ka tambaya a fili ko za ka iya shan ruwa, yawanci amsar e ce. Mai amai da gudawa ko mai azumi, in ba gaggawa ba, ya yi magana a duba ranar.

Idan an ce ka sayi wani magani na musamman mai kare ƙoda, ka yi hattara da aljihunka. Babban gwajin PRESERVE da aka wallafa a 2018 ya nuna asetilsistin da ruwan bayikabonet ba su fi ruwan gishiri komai ba. Wankin ƙoda bayan hoto shi ma ba ya hana illar.

Wurin da zan zaɓa shi ne wanda ya tambayi sakamakon gwajin ƙoda kafin ya karɓi kuɗi, mai likita a kusa saboda masu borin jini, wanda kuma ba zai maimaita allura cikin kwana biyu ba sai dole. Ɗumin da dattijuwar nan za ta ji a jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki lokacin allurar ba komai ba ne, yana wucewa cikin mintuna. Illar ƙoda kuwa ba ta da zafi, a jini take bayyana. Don haka ta koma gwajin kiriyatinin bayan awa 48 zuwa 72. Idan ya hau, yakan kai ƙololuwa a kwana 3 zuwa 5, ya sauko cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma in fitsari ya ragu sosai, ko fuska da ƙafa suka kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a kai ta asibiti a ranar, da takardar gwajin farko a hannu don a kwatanta.